Faɗuwar Kasuwa a Farkon Ritaya

Jama'a, mu ƙaddara ma'aikaci ya yi ritaya da wuri, ya koma Wagini da hannun jarin naira miliyan 10, yana cire miliyan 1 a farkon kowace shekara. In darajar jarin ta ninka a shekarar farko, ta ragu da rabi a ta biyu, miliyan 8.5 za ta rage masa. Amma in faɗuwar ce ta fara zuwa, kamar wanda ya yi ritaya gab da rushewar kasuwar hannun jarin Nijeriya a 2008, miliyan 7 zai tarar. Dalili kuwa, ya sayar da araha don cefane, abin da ya sayar kuma ba ya cikin ninkin. A ganina, gara ya keɓe kuɗin cefanen shekara biyu tun farko.