Ruwa kan ruwa: abin da takardar ajiya take nufi

Jawabin da aka gabatar a taron wata na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, reshen Guri



Duk lokacin da aka biya ariyas ko kuɗin hutu, sai takardun talla su fara yawo a hannunmu, wasu daga bankunan Haɗejia, wasu ta wayar salula. Yawancinsu suna ɗauke da alkawari iri ɗaya: kawo kuɗinka, za a ba ka kashi kaza cikin ɗari, kuma ruwan zai riƙa hawa kan ruwa. Wannan jimla ta ƙarshe muke so mu warware yau, domin kada ɗayanmu ya sa hannu a kan abin da bai lissafa da kansa ba.

Kuɗin da mutum ya ajiye shi ne uwar kuɗi, abin da aka ƙara masa kuwa shi ne ruwa. Ana lissafa ruwan ta hanya biyu. A ta farko, kowace shekara uwar kuɗin asali kaɗai ake dubawa. A ta biyu, ruwan bana yana shiga cikin uwa, sai baɗi a yi lissafi a kan su duka. Mai kiwon da yake sayar da 'ya'yan akuyarsa da zarar an yaye su yana kan hanyar farko. Wanda ya bar su a garke har su ma suka fara haihuwa yana kan ta biyu.

Mu ɗauka wata malama ta ajiye naira 200,000, takardar kuma ta ce kashi 10 cikin ɗari a shekara. A hanyar farko za ta samu 20,000 kowace shekara, bayan shekara uku ta karɓi 260,000. A hanya ta biyu, shekarar farko babu bambanci: kuɗinta ya zama 220,000. A shekara ta biyu ne hanyoyin suke rabuwa, domin kashi 10 na 220,000 za a lissafa, wato 22,000, jimla 242,000. A ta uku ruwan ya zama 24,200, ta tashi da 266,200. Duk wanda yake da na'urar lissafi a wayarsa zai iya gwadawa: ya ninka kuɗin da 1.1 sau ɗaya domin kowace shekara.

Bambancin shekara uku ke nan naira 6,200 kacal, kuma gara mu faɗi haka a fili, domin masu talla ba sa son faɗi. Sai an daɗe ratar take buɗewa. A shekara goma hanyar farko tana ba da 400,000, ta biyu kuwa kusan 518,700. A shekara ashirin, 600,000 ne a gefe guda, 1,345,500 a ɗaya gefen. Saboda haka wanda zai buƙaci kuɗinsa kafin noman rani mai zuwa, don sayen taki ko gyaran injin ban-ruwa, wannan alkawari bai ƙara masa abin kirki ba. Akwai kuma ƙiyasi mai sauƙi: raba 72 da adadin kashin, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka. A kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni.

Wata takardar za ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kowane wata ake zuba ruwan. Gaskiya ne hakan ya ɗan fi, amma da nawa? Kashi 10 ɗin nan ne ake rabawa gida goma sha biyu. A ƙarshen shekara malamarmu za ta samu kusan 220,940 maimakon 220,000, ƙarin da bai kai naira dubu ba. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ko ruwan yana zama cikin asusun, ko kuwa fitar da shi ake yi. Takardar lamunin ajiya ta Gwamnatin Tarayya, wadda Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayarwa a watan Maris na 2017 daga naira 5,000, duk wata uku take biyan ruwa cikin asusun mai ita. Idan ya kashe abin da aka biya shi, yana kan hanyar farko. Sai ya tara ya sake sayen wata takardar kafin kuɗin ya haihu karo na biyu.

A asusun ajiya na banki kuma akwai sharaɗin da da yawanmu ba mu karanta ba. A ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya, wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba dole ba ne a biya shi ruwan wannan watan. Malamin da yake ajiya a asusun da yake cefane da shi kullum zai iya shekara bai ga ko kwabo ba.

Mun san da yawa a wannan zaure ba sa karɓar kuɗin ruwa saboda haramcin riba, kuma hukuncin na malaman addini ne. Lissafin dai bai bar su a baya ba. A bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ribar mudaraba da aka bari cikin asusu tana shiga jari a zagaye na gaba. Sai dai a can ba a yanke adadi tun farko, ribar tana hawa tana sauka, saboda haka ba za a iya zana jadawalin shekara goma da tabbaci ba.

Saura abin da takardar ba ta ambata, wato tsadar kaya, wadda ita ma kan kanta take hawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Kayan da 200,000 ta saya a ƙarshen 2023 suna bukatar 269,600 bayan shekara ɗaya. Malamarmu kuwa 220,000 take da ita, kuma ko kuɗinta na shekara uku bai kai wannan adadi ba. Lambar da ke cikin asusunta ta ƙaru, amma buhunan shinkafar da za ta iya ɗaukowa daga kasuwa sun ragu. Kashin da aka yi mana tayi sai mu ajiye shi kusa da na tsadar kaya kafin mu kira shi riba.

Wannan lissafi kuma shi ne yake tona asirin mayaudara. MMM, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, kashi 30 ya yi alkawari a kowane wata. Ninka 200,000 da 1.3 sau goma sha biyu, za ta haura naira miliyan huɗu da dubu ɗari shida a shekara guda. A shekara ta biyu ta wuce miliyan ɗari. Ba mu san fatauci ba, na kifi ne ko na riɗi, da yake ninka jari sau ashirin da uku a shekara. Kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da shi. Don haka idan takarda ta zo da kashi ba tare da ta ce na wata ne ko na shekara ba, mu nemi a rubuta mana da biro nawa 200,000 za ta zama bayan wata goma sha biyu, bayan an cire haraji da cajin banki, da kuma abin da za a yanke idan muka karɓi kuɗinmu kafin wa'adi.