Hauhawar Farashi Ta Sauka, Me Ya Sa Kasuwa Ba Ta Sauka Ba?



A watan Fabrairun 2025, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke nan Abuja ta sanar cewa hauhawar farashi a Janairu ta kai kashi 24.48 cikin ɗari, alhali a Disambar 2024 kashi 34.80 ce. Jaridu suka buga. Magidanci ya shiga Kasuwar Wuse da murna, ya tarar kaya na nan da tsadarsu. Ƙarya aka yi masa? A'a. Lambar ce ba ta faɗi abin da ya zata ba.

Kashin nan saurin tashin farashi yake aunawa, daga wata zuwa takwaransa na bara. Mu ɗauka mudun shinkafa naira 2,000 ne. Ya tashi da kashi 30, ya koma 2,600. Shekara ta zagayo, ya tashi da kashi 20, ya koma 3,120. Za a ce hauhawa ta sauka daga 30 zuwa 20, kuma gaskiya ne, amma uwargida ta ƙara naira 520 a kan kowane mudu. Farashi bai juyo ba, sassauta gudu kawai ya yi.

Sannan lambobin biyu ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba. A lissafin Janairun ne hukumar ta sauya shekarar da take kwatanta farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta sabunta jerin kayayyakin, ta rage nauyin abinci a lissafin daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40. Sabuntawar ta dace, don yadda muke kashe kuɗi ya canza. Amma wanda ya ɗebe 24.48 daga 34.80 ya ce sauƙi ya samu a wata guda, ya yi kuskure.

Abin da ya fi damuna shi ne matsakaici. Lambar ƙasa matsakaici ce, ba ta gidan kowa ba. A ce abinci ya tashi da kashi 40, sauran kaya da kashi 10. Lebura a Nyanya da ke kashe naira 70 cikin kowace 100 a kan abinci, tasa hauhawar 28 ce a haɗa da 3, wato kashi 31. Mai gida a Maitama da ke kashe naira 30 kacal a kan abinci, tasa 12 ce da 7, wato kashi 19. Gari ɗaya, shekara ɗaya, amma talaka ne ya fi ji a jikinsa, matsakaici kuwa ya rufe wannan.

Don haka, 'yan jaridar da ke zauren nan, ina roƙonku: duk lokacin da za ku buga kashi, ku gaya wa mai karatu kashin mene ne, da wane lokaci aka kwatanta shi, kuma ko an canza ma'auni. Ku kawo hauhawar abinci daban, tunda hukumar tana fitar da ita kowane wata.