Harajin VAT a cinikin intanet: inda ake ƙara shi, inda yake ɓoye cikin farashi, da inda yake dawowa kanmu



An nemi mu yi magana a kan harajin da 'yan Najeriya da Ghana suke kira VAT, mutanen Nijar da Kamaru da Chadi kuma suke kira TVA. Sunan ne biyu, harajin ɗaya ne. Da yawa daga cikinmu yanzu daga waya muke odar kaya, kuma kukan da muke yawan ji shi ne, farashin da aka gani a allo daban, kuɗin da aka kashe kafin kaya su shiga shago daban. Wani ma sau biyu yake biyan harajin bai sani ba.

Ƙa'ida ɗaya ce tushen maganar. Wannan haraji na ƙasar da za a yi amfani da kaya ne, ba na ƙasar da suka fito ba. Shi ya sa ƙasar mai sayarwa take sauke harajinta idan kaya za su fita waje, ƙasar mai saye kuma ta ɗora nata idan sun iso. Ma'aunin kowace ƙasa daban: Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, Nijar kashi 19, Benin kashi 18, Kamaru kashi 19.25, Faransa kashi 20. In muka riƙe wannan ƙa'ida, tambayar da za mu riƙa yi wa kowace takardar ciniki ita ce: harajin wace ƙasa ce a ciki, kuma wa zai kai shi ga hukuma?

Mu fara da harajin da yake cikin farashi. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce farashin da ake nuna wa mai saye na gida ya haɗa da haraji. A shafin Faransa za mu ga TTC kusa da kuɗin, ma'ana haraji na ciki, ko mu ga HT, ma'ana babu shi. Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Maraɗi da ya ga kwalin takalma a irin wannan shafi, an rubuta yuro 240 TTC. Idan ya sa adireshinsa na Nijar, kuma mai sayarwar shi ne zai aiko kayan, kamata ya yi kuɗin ya sauko zuwa yuro 200 kafin ya biya, domin kayan fita za su yi daga Faransa.

A nan akwai kuskuren lissafi da ya kamata mu kiyaye. Mutum zai ce kashi 20 na 240 shi ne 48, saboda haka ainihin farashi 192 ne. Ba haka ba ne. A kan 200 aka ɗora kashi 20 har ya zama 240, don haka hanyar komawa baya ita ce a raba 240 da 1.20, a sami 200, harajin kuma 40. Haka yake a ko'ina: farashin Nijar mai haraji a ciki a raba shi da 1.19, na Najeriya da 1.075. Wanda ya cire maimakon ya raba, zai yi ta jayayya da mai sayarwa a kan kuɗin da ba ya bin sa.

Sai harajin da ake ƙarawa. Takalman nan sun taso a kan yuro 200, kuɗin jirgi da inshora yuro 50, jimla 250. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, canjin da ba ya motsi, ke nan kimanin sefa 164,000. Wannan shi ne darajar kaya a wurin duwan, wato kwastan, domin suna haɗa kuɗin dako da kuɗin kaya. Mu ɗauka kayan suna rukunin da ake biyan kashi 20 na fito: sefa 32,800. Yanzu jimla ta zama 196,800. To a kan wannan jimlar ake ɗora TVA, ba a kan farashin kayan kaɗai ba. Kashi 19 na 196,800 ya kama 37,392. Kafin kwalin ya bar hannun duwan ya tsaya a kan kimanin sefa 234,200, ban da ƙananan kuɗaɗen da ake ƙarawa a kan takardar fito da ladan mai fitar da kaya. Wanda ya yanka farashin sayarwarsa daga yuro 200 da ya gani a allo, wato sefa 131,000 da 'yan kai, ya ci uwar kuɗi tun kaya ba su iso ba.

Yanzu mu duba yadda ake biya sau biyu. Da yawa cikinmu ba mu sa adireshin gida. Muna sa na wani ɗan uwa a Faris, ko na kamfanin da yake tara kaya ya turo. A idon mai sayarwa wannan ciniki ne na cikin Faransa, don haka yuro 240 zai karɓa, kuma yana kan daidai. Yuro 40 ɗin nan, kimanin sefa 26,200, sun tafi asusun gwamnatin Faransa, kuma hukumar harajin Nijar ba za ta cire mana su daga abin da take bin mu ba, tunda ba ita aka biya ba. Bayan haka, in jami'in duwan ya ɗauki kuɗin da ke kan takarda, lissafinsa daga yuro 290 zai tashi maimakon 250, kwalin ya tsaya a kan kimanin sefa 271,600. Bambancin ya kai sefa 37,000 a kwali ɗaya, saboda adireshi kawai. Wani lokaci rangwamen kuɗin dako da mai tara kaya yake yi yakan rufe wannan gibi, wani lokaci ba ya rufewa. Sai an zauna an auna biyun da alƙalami.

Alamar gane wannan ba ta da wuya. Mu canza ƙasar da za a kai kaya a shafin, mu ga ko jimla ta motsa. Mu duba takardar cinikin: in an rubuta TVA 20% alhali kaya Maraɗi ko Garwa aka aiko su kai tsaye, sai mu nemi mai sayarwa ya gyara takarda ya maido da bambancin, mu nuna masa shaidar fitar kayan. Mu kuma kula da haruffa uku. DDP na nufin mai sayarwa ya ɗauki nauyin fito da harajin ƙasarmu. DAP na nufin zai kawo kaya, amma fito da haraji namu ne, kamfanin dako zai riƙe kayan sai mun biya.

Na uku shi ne harajin da ake juyawa. Wannan ya fi shafar abin da ba ya bi ta kan iyaka a mota ko a jirgi: talla a dandalin sada zumunta, manhajar lissafin shago, kuɗin hayar shafi. Babu jami'in kwastan da zai tsayar da talla, don haka gwamnatoci suka bi hanya biyu. Ta farko, su tilasta wa kamfanin waje ya yi rajista ya karɓi harajin a madadinsu. Kamaru ta sa wannan a dokar kuɗinta ta 2020, a Najeriya kuma tun Janairun 2022 masu talla a Facebook suka fara ganin kashi 7.5 a kan kuɗinsu. Tallan naira 200,000 ya koma 215,000, naira 15,000 ɗin kuma harajin Najeriya ne ko da yake kamfanin waje ne ya karɓa.

Hanya ta biyu ita ce a juyo da nauyin kan mai saye. Takarda za ta zo babu haraji, a ƙasa an rubuta reverse charge ko autoliquidation. Wannan rubutu ba yafiya ba ne. Ma'anarsa mai saye ne zai lissafa harajin ƙasarsa da kansa, ya rubuta a takardar da yake kai wa hukuma, ya biya. A misalin tallan nan, naira 15,000 ɗin tana nan, hannun da zai miƙa ta ne ya canza. Mai rajista wanda doka ta ba shi damar cire harajin da ya biya daga wanda ya karɓa a hannun kwastomominsa, zai iya fita ba riba ba asara. Amma in ya yi shiru bai rubuta ba, ranar da masu bincike suka ga kuɗin da ya fita waje daga asusunsa na banki, harajin da tarar jinkiri za su bi shi.

Nan ne bambanci yake tsakanin manya da ƙananan cikinmu. Mai rajistar wannan haraji, sefa 37,392 da ya biya a duwan ajiya ce, zai cire ta, muddin takardar fito da sunansa da lambarsa aka yi ta, wato NIF a Nijar ko TIN a Najeriya. In sunan mai fitar da kaya ne a kai, ko an haɗa kayan mutum goma a takarda ɗaya, damar ta faɗi. Ƙaramin ɗan kasuwa mai biyan harajin dunƙule kuwa ba shi da abin cirewa, kuɗin ya shiga tsadar kaya, dole ya sa shi cikin farashi. Sannan akwatin da shafukan Turai suke rubuta wa VAT number na 'yan kasuwar Tarayyar Turai ne a tsakaninsu. Lambarmu ba za ta shiga ba, kuma ba ma bukatarta, tunda fitar kayan ce take sauke mana harajinsu. Kada mu ari lambar wani mu sa, domin ciniki zai hau kan littafinsa, takarda kuma ta fito da sunan da ba namu ba.

Abu na ƙarshe ya shafe mu musamman, mu masu tsallaka iyaka. Kayan da aka fitar a Nijar a matsayin na sayarwa a cikin gida sun riga sun biya kashi 19. In daga baya muka bi da su ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, Najeriya za ta nemi fitonta da kashi 7.5 nata, ba ruwanta da abin da muka biya a baya. Kayan da muka san Katsina ko Kano za su, tun a mashigar farko ya kamata a yi musu takardar wucewa, domin harajin ƙasa ɗaya kawai ya hau kansu. Shawarar nan kafin a danna biya ake yanke ta, lokacin da muke zaɓen adireshi da sunan da zai hau takarda.

Muna roƙon sakatarorin rassa su tara mana takardun cinikin da 'yan uwa suke shakka a kansu, a rufe sunaye, mu bi su layi-layi a zama na gaba.