Ƙaramin harafin da ke kuɓuce mana a Turanci

Ɗalibi zai rubuta "My father is teacher", a ransa ya gama magana, domin da Hausa "Babana malami ne" ba ta rasa komai ba. Amma a Turanci, sunan abu guda ɗaya da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an ce "a teacher". Idan kalmar ta fara da sautin wasali, sai "an". Kunne ke yanke wannan hukunci, ba ido ba: "an hour", domin harafin farko ba ya fita a baki, amma "a university", domin da sautin "yu" ta fara.

Ita kuwa "the", muna da 'yar'uwarta a gida. Ka ce "Na sayi mota", mai sauraro bai san ta ba tukuna, wato "a car". Da ka ƙara da "Motar ta lalace", ai ya riga ya san wadda kake nufi, nan ne wurin "the car". A ganina da wannan ya kamata malamai su fara.

Sai dai a kula, abin da ba a ƙirgawa, kamar "advice" da "information", ba ya karɓar "a" ko "an".