Imoji a tallan shago: wanne za a sa, wanne za a bari?

Yau maganar masu ɗora tallan kaya a WhatsApp da Instagram za mu yi, musamman wurin zaɓen imoji.

Mu ɗauki mai sayar da kilishi da zoɓo, za ta sanar da cewa sabon kaya ya iso. Ta duba cikin wayarta, ta ga 🥓, jan nama ne a yanke falle-falle, ta ce ai ga kilishi nan. To wannan hoton na naman alade ne, sunansa a waya `bacon`. Haka 🍷, launinsa sak zoɓo, amma kofin giya ne. Wani mai sayen ba zai lura ba. Wanda ya lura kuwa ba lallai ya yi miki magana ba, wucewa kawai zai yi, ko ya ɗauki hoton tallan ya watsa ana dariya. Ga 🥩 da 🥤 nan, sun wadatar. Dabarar ita ce, kafin ki sa imojin da ba ki saba da shi ba, ki nemo shi da sunansa a wurin binciken imoji, ko ki duba a Emojipedia. Su 🍆 da 🍑 da 💦 kuwa, ko kayan miya kake sayarwa, ka haƙura da su. Matasa sun san dalili.

Sai yawa. Ni a ganina uku ko huɗu sun ishi talla guda, kuma kowanne ya zama yana da aikin yi: 📍 a gaban adireshi, 📞 a gaban lamba, 🚚 idan ana kai kaya har gida. Ido na sauka ya san inda zai duba. Amma 🔥 guda goma a jere, ga 😂 a tsakiya, sai a ɗauka ƙaninka ne ya ɗauki wayar. Kar ku manta kuma, makafi suna amfani da manhajar da ke karanta musu rubutu, irin TalkBack, kuma sunayen imojin take faɗa musu kafin su kai ga farashi.

Farashin ma a rubuta shi a fili, ₦3,500. Kar a liƙa masa 💲, alamar dala ce. Lambar waya kuwa, don Allah a daina rubuta ta da 0️⃣8️⃣0️⃣. Ba a iya danna ta a kira, sai mutum ya zauna yana kwafa da hannu, wani kuma ba zai yi wannan wahalar ba.

Kafin ka saki tallan, tura wa wani mai waya daban da taka. Zanen iPhone daban, na Samsung daban, kuma sabon imoji a tsohuwar waya akwati ne kawai yake fitowa. In ya ce maka ya ga akwati, ka canza shi da tsohon da kowa ke da shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.