Dabarar da Aka Samo Daga Matsala da Wadda Aka Samo Daga Gwaninta



Malamin da ya gwane a muhawara, idan aka ce ya kawo dabarar gyara makaranta, ƙungiyar muhawara zai kafa. Ya duba abin da ya iya ne, sannan ya nema masa wurin zama. Irin wannan dabara tana da saurin tashi, kuma mai ita ba ya gajiya da ita. Sai dai yaran da suka riga suka iya karatu su ne ke cika ta.

A maƙwabtanmu Wudil, da kuma Dawakin Tofa, shirin KaLMA da aka soma a 2019 ya faro ne daga matsala: ga yara 'yan aji huɗu zuwa shida, amma da yawansu ba sa iya karanta Hausa. Sai aka ari tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko baƙi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko labari. Daga nan a raba su gwargwadon matakinsu, ba ajinsu ba. Wannan hanya ma da nauyinta, domin tana iya ɗora wa malami aikin da bai taɓa koya ba, dole sai da horo.

Bambancin yana fitowa ranar awo. Mai muhawara zai ƙirga gasar da aka ciwo. Na biyun zai sake kiran yaron da ya tsaya a baƙi, ya miƙa masa kalma, ya saurara.