Kwana Goma Sha Ɗaya Da Ke Cinye Ribar Mai Raguna

Jawabin da ofishin magatakarda ya gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya, a ƙarshen 2025

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da yake dawo mana ofis kowace shekara a matsayin ƙara. Wani ya ci bashi zai biya bayan sallah, ga shi sallah ta wuce kaya ba su ƙare ba. Wani kuma motarsa ta isa Legas ana gobe layya. In muka bi diddigi, sau da yawa tushen abu ɗaya ne: mutum ya tsara harkarsa da kwanan watan bara, alhali sallah ta riga ta matso.

Mu fara da dalili. Muna aiki da lissafin shekara iri biyu. Takardun duwan da kwastan, da banki, da kuɗin hayar rumfa, duk suna bin shekarar Miladiyya. Ita da rana take tafiya, kwananta 365, sai kuma 366 a shekarar da Fabrairu ya yi 29. Azumi da salloli da aikin hajji kuwa suna bin shekarar Hijira, wadda aka tsayar da ƙirgarta zamanin Sayyidina Umar, aka fara daga hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622 Miladiyya. Ita da jinjirin wata take tafiya. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar na gaba kwana 29 da rabi ne da 'yan mintoci, shi ya sa wani watan yake yin 29, wani 30. A haɗa goma sha biyu, a samu kwana 354, wata shekarar 355. A cire 354 daga 365, saura 11. Nan goma sha ɗayan nan ta fito. Wata shekarar takan zo goma, wata sha biyu.

Akwai al'ummomin da suke ƙirga wata kamar mu, amma duk bayan shekara biyu ko uku sai su ƙara wata guda don bukukuwansu su tsaya a yanayi ɗaya. Musulunci ya hana wannan ƙari, saboda haka watanninmu suna zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, sai bayan kamar shekara 33 su dawo inda suka taso.

Ga shaida daga abin da muka gani da idonmu, bisa ranakun da aka yi babbar sallah a Najeriya. A 2023 an yi ta 28 ga Yuni. A 2024, 16 ga Yuni. A 2025, 6 ga Yuni. In muka koma baya, a 2015 an yi ta 24 ga Satumba, a 2012 kuma 26 ga Oktoba. Wannan ya fi komai shafar mai raguna. Layyar 2012 ta faɗo cikin kaka, dabbobi sun ƙoshi da ciyawar damina, harawa tana arha a bakin gona. Layyar yanzu tana faɗowa cikin bazara, lokacin da daji ya bushe, dabba ta rame, abincinta kuma ya yi tsadar da ba ya yi a duk shekara. Kuma za a daɗe a haka: bisa lissafi, ta 2026 za ta zo wajen 27 ga Mayu, ta 2027 wajen 16 ga Mayu, ta 2028 wajen 5 ga Mayu, daga nan a shiga Afrilu, tsakiyar zafi. Wanda ya koyi fataucin raguna a shekarun da layya take zuwa da kaka, dabarar da ya saba ba za ta yi masa aiki yanzu ba.

To, yaya za a tsara? Mu ɗauki misalin ɗan uwa mai turke raguna a yankin Damagaram, yana fito da su ta Maigatari, a yi lodi zuwa Legas. Mu yi masa lissafin layyar 2026 daki-daki.

Da farko ya nemo ranar sallah. Ta bana 6 ga Yuni ce. A cire 11, a samu 26 ga Mayu. Kada ya riƙe rana guda, domin ganin wata ne yake yanke hukunci. Ya rubuta 26 zuwa 28 ga Mayu, sannan ya yi shirinsa a kan ta farkon. In sallah ta jinkirta ya samu rarar kwana. In ta zo da wuri ba ta same shi a hanya ba.

Na biyu, ya ƙirga da baya. Yana so ragunansa su sauka kamar kwana goma kafin sallah, su huta daga wahalar mota, su sha ruwa su murmure, shi kuma ya samu sararin yin ciniki ba a matse ba. Ke nan su isa wajen 16 ko 17 ga Mayu. Hanya takan ci kwana biyu zuwa uku in an haɗa da tsaye-tsayen shinge. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, don haka Alhamis ɗin da ta dace da shi ita ce 14 ga Mayu. In ta kuɓuce masa, sai ta 21 ga wata, raguna su isa saura kwana biyu ko uku, a gajiye, kasuwa ta riga ta cika. A nan ne mai saye yake yanka farashi yadda ya ga dama, don ya san ba za ka koma da su gida ba.

Na uku, kwanakin kiwo. Mu ce zai turke su wata uku. Mako 13 kafin 14 ga Mayu shi ne Alhamis 12 ga Fabrairu. Azumin 2026 kuwa ana sa ran farawa wajen 18 ko 19 ga Fabrairu. Ashe raguna su shiga turke kusan mako guda kafin a ɗauki azumi. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu so kowa ya tafi da ita gida, domin ba ta canzawa kowace shekara: mai kiwon wata uku ya sayi ragunansa a goman ƙarshe na Sha'aban, ya yi lodi a goman ƙarshe na Zulƙida. Wanda ya ce bari a sha ruwa tukuna ya yi latti. Tsakanin ƙaramar sallah da babba kwana 67 zuwa 69 ne kacal. A cire kwanan hanya da na kasuwa, abin da ya rage na kiwo bai kai wata biyu ba.

Na huɗu, abinci. A nan kuma lissafin ya juya. Rago yana bin watan Musulunci, amma harawa da kowa da ƙaiƙayi suna bin damina. Arharsu tana kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ko da yaushe sallah ta faɗo. Saboda haka mai shirin layyar Mayu ya tara abincin tun kaka, ya ɗora harawa a saman rumfa inda gara da dabbobi ba za su kai ba. Wanda ya bari sai Afrilu zai ga ribar ragon ta tafi wajen mai dusa. A lura kuma da ruwa da inuwa, domin mafi yawan kiwon nan cikin zafin Maris da Afrilu za a yi shi.

Ga yadda kuskuren yake shiga ba a ankara ba. Wanda ya yi lodi ranar Alhamis 22 ga Mayu a 2025 yana da kwana 15 kafin sallah, ya ji daɗin kasuwa, sai ya riƙe a ransa cewa mako na uku na Mayu shi ne lokaci. In ya maimaita a 2026, kwana biyar ko shida suka rage masa. In ya sake a 2027, zai tarar an riga an soye naman. Alamar da mutum zai gane ya faɗa wannan rami ita ce in littafinsa ba shi da kwanan watan Musulunci ko ɗaya.

Akwai iyakar da lissafi ba ya wucewa. Kalandar da ake bugawa ta bango hasashe ce. A Najeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, a Nijar ta hukumomin addini na ƙasar, kuma ya sha faruwa ƙasashen biyu su yi sallah da tazarar kwana ɗaya. Ga mu masu tsallake iyaka, wannan yana nufin hutun ofisoshi da bankuna na iya haɗuwa ya yi tsawo: nan a rufe yau, can a rufe gobe. Duk takarda ko tura kuɗi, a gama da shi mako guda kafin sallah. Sauƙin da babbar sallah take da shi shi ne, da zarar an ga watan Zulhajji an san ranarta, saura kwana tara. Ƙarama kuwa sai daren 29 ga azumi. Sannan a riƙa sauraron dokar fitar da dabbobi, domin mun ga yadda Nijar ta dakatar da fitar da su gab da layyar 2025. Kafin a zuba jari a ragunan ƙetare, a tanadi kasuwar cikin gida da za a juya in hakan ta sake faruwa.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi kawo mutane gabanmu. "Zan biya bayan sallah" ba rana ba ce. Wace sallar? Ta wace ƙasa? Kwana nawa bayanta? Haka kuma shekara daga sallah zuwa sallah kwana 354 ce, ta banki da ta mai rumfa 365. Shawararmu ita ce duk yarjejeniyar da za a kawo ofis a rubuta mata kwanan wata biyu, misali 20 ga Zulhajji, wato wajen 6 ga Yuni 2026, a kuma faɗi wanne za a bi in sun saɓa. Mai tsayar da ranar biya ya bar wa ɗan uwansa kwanakin dawowa daga kudu da karɓar kuɗi wajen dillalai.

Masu shadda da atamfa, lissafinku ɗaya ne da na masu raguna, sai dai ku daga ƙaramar sallah za ku ƙirgo. Ana sa ran ta 2026 wajen 20 ga Maris. Teloli da yawa sukan daina karɓar ɗinki tun tsakiyar azumi, don haka kayanku su kasance a shago kafin Sha'aban ya ƙare. Ku kuma sa ido a 2030: bisa lissafi, azumi zai kama sau biyu a cikinta, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, kamar yadda aka yi a 1997. Jarin kayan azumi biyu zai faɗo cikin shekarar banki guda.

Mai son a lissafa masa ranakun sana'arsa, ya zo da littafinsa na bara bayan an tashi, mu zauna mu ƙirga tare. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare hanya, ya nuna mana taron baɗi lafiya. Wassalamu alaikum.